Yadda ake cigiyar mai hoton fasfo da aka tsinta

Shagona na hoton takardu da cajin waya yana bakin wata tashar mota a Birnin Kebbi, don haka duk abin da ya faɗo daga aljihun matafiya, ko direba ya gani a ƙarƙashin kujera lokacin wankin mota, wurina yake ƙarewa. Katin zaɓe, silif ɗin NIN, katin makaranta, da hotunan fasfo masu yawan gaske. Kati mai suna yana da sauƙi. Wanda ke ba da wuya shi ne hoto tsura, fuska kawai ba suna ba gari. Mafi yawan mutane da sun tsince shi sai su ɗauke shi a waya su watsa a guruf ɗin unguwa su rubuta "a taimaka a yaɗa". Ni ma da haka na fara, kuma na ga inda yake kai mutum. Yanzu watsawa ita ce kusan mataki na ƙarshe a wurina, ga yadda nake bi kafin in kai gare ta.

Mataki na farko: rubuta wuri da lokaci tun ba ka manta ba

Kafin ka ce komai ga kowa, sami 'yar takarda ka rubuta inda aka tsinci hoton, da ranar, da kimanin ƙarfe nawa, da abin da yake ciki, ambulan ne ko leda ko walat. In wani ne ya kawo maka, tambaye shi a take: a wace mota, daga ina ta taso, kujerar gaba ko ta baya. Bayan kwana 2 yaron mota ba zai iya tuna ko motar Jega ce ko ta Argungu ba, kuma wannan bayanin shi kaɗai yana iya raba maka jihar gida biyu. Kada ka raba hoton da abin da aka same shi ciki, kada ka yar da ko guntun takarda. Saka komai a leda ɗaya ka ɗaure.

Akwai tsintuwar da ba taka ba ce. In a bakin daji aka ga hoto ko kati, ko a gefen hanya tare da jaka a yage, takalmi warin ƙafa, ko alamar jini, kada ka ɗauka ka fara cigiya. A ƙasarmu ta yanzu wannan yana iya zama alamar inda aka tare mutane. Sanar da mai unguwa ko hakimi, a kai maganar ga 'yan sanda.

Mataki na biyu: karanta hoton

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suke tsallakewa. Juya hoton ka dubi bayansa cikin haske mai kyau. Abubuwa huɗu nake nema.

Na farko rubutun biro. Makarantu da ofisoshi da yawa suna sa mutum ya rubuta sunansa a bayan hoto kafin ya miƙa fom, wani lokaci har da aji ko lambar ɗalibi. Takardar hoto santsi gare ta, tawada na gogewa, amma sawun bakin biro yana zama. Karkata hoton ka haska shi da tocilan waya daga gefe, ba daga sama ba, sai ka ga haruffan sun fito kamar zane a kan yashi.

Na biyu hatimi, kuma hatimi iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai na mai ɗaukar hoto, wanda ke bayan hoton ko a jikin ambulan, ɗauke da sunan shago da gari da lambar waya. Akwai kuma na hukuma ko makaranta ko basarake. Wannan na biyun sau da yawa a fuskar hoton ake buga shi ta kusurwa, rabi a kan hoto rabi a kan takarda, domin kada a cire a sauya. In ka ga rabin da'ira a kusurwar hoto, ka san an ɓamɓaro shi ne daga wata takarda, kuma haruffan da suka rage guntun sunan wurin ne. Rubuta su yadda suke, ka yi ta gwada su da sunayen garuruwa. Ƙananan hukumomin Kebbi 21 ne kawai, ba za su gagare ka ba.

Na uku ramukan fil ko sauran gam. Ƙananan huji biyu a sama na nufin an taɓa maƙala shi a fom. Hoto mai tsabta wanda ba huji ba gam, musamman in su 3 ne ko 7 a ambulan ɗaya, sabon wanki ne. Masu hoto galibi 4 ko 8 suke wankewa, to an yi amfani da ɗaya ke nan, mai shi yana tsakiyar wata hidima, kuma yana kusa ko zai dawo.

Na huɗu fuskar hoton kanta. Yunifom da bajo a aljihu suna da amfani sosai, domin kalar riga da hijabi tana nuna makaranta. Kalar labulen baya ma tana magana, ko da yake ba hujja ba ce: kowane wuri yana da kalar da yake nema, wani fari wani ja, kuma masu hoto sun san wanda ake yayi a kowane lokaci. Nuna wa mai hoto na kusa da kai, yakan ce maka "wannan irin na masu cika fom ɗin kaza ne". Tsagar fuska kuwa tsofaffi ake nuna wa. Dattijon da ya daɗe a tasha yana duban tsage ya ce na Kabawa ne ko na mutanen ƙasar Zuru. Wannan yana ba ka yankin asali ne kawai, don Bakabe yana iya zama a Yauri shekara 30.

In sa'a ta sa kati ne ba hoto tsura ba, karatun ya fi gajarta. Katin zaɓe yana ɗauke da lamba mai kashi huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Ta Kebbi tana farawa da 21, Sakkwato 33, Zamfara 36. Wannan lambar tana kai ka har rumfar da mutum ke jefa ƙuri'a, kuma mai unguwar wurin ko wakilin jam'iyya na rumfar da wuya ya kasa gane shi. Tsohon silif ɗin NIN kuma yana da adireshi a jiki. Katin cirar kuɗi ba a cigiyarsa ko kaɗan, reshen bankin da ya ba da shi ake kai wa, su suna da lambar wayar mai shi.

Mataki na uku: fara da ƙaramin da'ira

Wanda ya yar da abu, inda ya bi yake komawa nema. Saboda haka mutanen farko da za su sani su ne na wurin: shugaban 'yan yuniyan na layin da motar take, ɗan kamashon da ya yi lodi, direban, mai shayi, shugaban 'yan kabu-kabu na bakin ƙofa, da ladanin masallacin tasha. A kasuwa kuwa sarkin kasuwa. Waɗannan ana nuna musu hoton a hannu su gani, ba a tura musu a waya. In tashar tana rubuta sunayen fasinja da lambar ɗan'uwa kafin mota ta tashi, roƙi magatakarda ya duba takardar wannan ranar. Ba sai ya ba ka lambobin mutane ba, shi ya kira ya tambaya ko wani ya yar da wani abu.

Sai mai hoton da hatiminsa ke jiki. Yawancinsu suna ajiye hotunan kwastoma a kwamfuta na makonni ko watanni saboda masu dawowa ƙarin wanki, kuma a ƙaramin gari mai hoto ya san kusan kowace fuska da gidan da ta fito.

Ka ba wannan da'irar kwana 2 zuwa 3. Fiye da rabin abin da na mayar wa masu shi, a nan ya ƙare ba tare da hoton ya shiga wayar kowa ba.

Mataki na huɗu: rubuta cigiyar

In ƙaramin da'ira bai haifar da komai ba, sai a fita fili. Amma cigiya ta farko da baki ake yinta, ba da fuska ba. Malamai sun karantar da mu hukuncin tsintuwa: a yi cigiyarta a inda jama'a ke taruwa kamar ƙofofin masallatai, abu mai daraja har shekara guda, kuma wanda ya zo nema shi ne zai siffanta mazubinta da maɗaurinta. Ma'anar wannan a aikace ita ce mai cigiya ba ya faɗin komai da komai. Yana faɗin abin da zai sa mai kaya ya gane nasa ne, yana riƙe abin da zai gwada shi da shi.

Ga irin yadda nake rubutawa:

"Cigiya. Ranar Litinin da hantsi an tsinci hotunan fasfo na wani matashi a cikin motar haya da ta taso daga Jega zuwa Birnin Kebbi. Hotunan kawai aka tsinta, ba a san wani abu ya sami mai su ba, kuma ba a nemansa da wani laifi. Wanda ya san nasa ne ya zo shagon hoton takardu na bakin tasha ya siffanta su. Ba a biyan ko sisi. An rubuta ranar kaza ga watan kaza."

Kowace jimla a nan tana da dalili. Ranar da aka rubuta tana hana saƙon yawo shekara biyu bayan an gama magana. "Ba a biyan ko sisi" tana toshe ƙofar wanda zai kwafi saƙon ya sa lambarsa ya ce a turo masa kuɗin mota ko na kati kafin ya aiko da kaya. Wurin karɓa kuma ya zama fili, shago ko ofishin yuniyan ko ƙofar mai unguwa, ba gidanka ba. Jimlar tsakiya kuwa, wadda ke cewa hoto kawai aka tsinta, ita ce ba na taɓa bari.

Dalilina shi ne abin da ya faru da ni a farkon fara wannan. Na tura hoton wani bawan Allah a guruf ɗin unguwarmu, na rubuta bayani a saƙo na biyu. Mutane suka yi ta tura hoton gaba, bayanin ya tsaya a baya. Kafin la'asar hoton ya dawo mini daga wani guruf da rubutun "Innalillahi, wanda ya san 'yan'uwansa". Mahaifiyarsa ta ji labarin mutuwarsa alhali yana gona. Da ƙanensa ya zo karɓa, bai yi mini godiya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan ma da sauƙi. A inda ake fama da ɓarayin daji, hoton fuska da ba bayani yana iya komawa "ga infoma ana nemansa", kuma wannan kalmar tana kashe mutum.

Saboda haka in har dole sai an nuna fuska, ga yadda ake yi. Ɗora hoton a kan farar takarda, ka rubuta cigiyar da hannu da manyan haruffa a sama da ƙasa dab da shi, sannan ka ɗauki duka a hoto ɗaya. Ta haka bayani ba ya rabuwa da fuska sai da gangan. In kati ne, yanka 'yar takarda ka rufe lambar NIN mai lamba 11, da ranar haihuwa, da adireshi, da wannan murabba'in mai ɗige-ɗige da ake haskawa da waya. Da takarda ta gaske za ka rufe kafin ka ɗauka, domin zanen da ake shafawa da yatsa a waya wani lokaci yana barin lambobi suna leƙowa. Suna da lambar NIN da ranar haihuwa a wuri ɗaya sun ishi ɗan damfara ya kira mai katin ya ce daga banki yake, ya karanto masa bayanansa har ya yarda ya ba da sauran.

Hoton mace ko na yaro ƙarami ba na sa shi a guruf ko da an roƙe ni. Na mace nakan ba matata ta nuna a Islamiyya, ko a nuna wa shugabar mata ta unguwar da muke zato. Na yaro mai yunifom kuwa hedimasta ake kai wa kai tsaye.

Game da inda za a tura: guruf 2 ko 3 na garin da alamu suka nuna sun fi guruf 20 na ko'ina. Ƙungiyar ci gaban garin, tsofaffin ɗaliban makarantar, 'yan yuniyan na layin. Nemi izinin mai kula da guruf, ka roƙe shi ya hana mutane rubuta sunan wanda suke zato ko unguwarsu a fili, duk mai bayani ya same ka kai kaɗai. Kada a manta da sanarwar bayan sallar Juma'a da filin cigiya na gidan rediyo, domin mutumin ƙauye da ya shigo birni cika fom ya fi kusa da rediyo da liman fiye da WhatsApp.

Yadda ta kaya da ambulan ɗin motar Jega

Cigiyar da na kawo a sama ta wani ambulan ce mai ruwan ƙasa da yaron mota ya kawo mini. A ciki akwai hotuna 3 na saurayi ɗan kimanin shekara 20, farar riga, jan labule. Biyu fes suke. Na ukun a bayansa akwai sa hannu da hatimin shuɗiyar tawada wanda gumi ya cinye, abin da ya rage kawai "HAKIM" a sama da "AMA" a ƙasa. A bakin ambulan kuma hatimin mai hoto, sunan shagon ya goge, lambar wayar saura lambobi 6 na ƙarshe.

Hoton mai sa hannun ne ya sa na ɗauki abin da muhimmanci. Sabon hoto ana wanke shi cikin minti 10, amma hoton da basarake ya sa wa hannu, don takardar shaidar asali ko fom ɗin neman aiki, sake samunsa yana nufin komawa gida da jiran ranar da za a sami ganin hakimi. Mai shi yana iya rasa ranar rufe fom a kan haka.

Direban bai tuna fuskar ba. Na ji ya ce a Jega ya cika, sai na yi zaton mutumin Jega ne, na kashe kwana guda ina tambayar 'yan Jega a banza. Kuskurena shi ne na manta Jega mahaɗa ce. Hanyar Sakkwato da ta Yauri da ta Birnin Kebbi duk a nan suke haɗuwa, mai zuwa daga Koko ko Aliero a nan yake sauya mota. Da na koma kan "AMA" na jera garuruwan da ke shigowa ta Jega, sai Maiyama ta faɗo. Na nuna wa wani dattijon ɗan kamasho, ya dubi lambobin nan 6 ya ce, "Wanga sai ka aika Maiyama, masu hoto can ba su da yawa." Ya haɗa ni da direban layin. Ban ba shi hoton ba, lambobin kawai na rubuta masa a takarda, ya zaga shagunan hoto ya sami wanda lambarsa ta ƙare da su.

Kafin ya dawo, cigiyar da na riga na sa a guruf ta kawo mutum na farko. Wani ya kira ya ce ƙanensa ne, in tura masa hoton ya tabbatar. Na ce, "Malam, hotuna nawa ne, kuma cikin me suke?" Ya ce huɗu, a leda. Na tambayi kalar labule, ya ce fari. Na ba shi haƙuri. Wataƙila da gaske ƙanensa ya yar da nasa, ba na zarginsa, amma ba waɗannan ba ne. Da na tura masa don ya "tabbatar", da ya sami duk amsoshin.

Mai hoton Maiyama ya kira ni washegari. Na siffanta masa yaron da baki, ya duba kwamfutarsa a hotunan makon da ya wuce, ya ce ya gane shi, ya san kawunsa. Na ce kada ya faɗa mini sunan, ya isar da saƙo kawai.

Mataki na biyar: gwaji da miƙawa

In wanda ke cikin hoton ya zo da kansa, fuskarsa ce shaida, sai dai hoton fasfo yakan tsufa, kuma 'yan'uwa suna kama. Don haka ko ya zo nakan yi tambaya biyu daga abin da na riƙe: nawa ne, cikin me, me ke baya. In wakili ne, ya amsa tambayoyin nan, sannan ya kira mai shi a gabanka ka ji muryarsa, ko ya zo da wani hotonsa. Kati mai lamba ba na ba wakili sai da wani sananne ya tsaya masa, kamar shugaban yuniyan ko mai unguwa. A yi miƙawar a gaban mutum ɗaya aƙalla, ka rubuta ranar da sunan wanda ya karɓa a littafinka.

Saurayin Maiyama ya zo ranar Alhamis. Tun daga bakin ƙofa na gane shi, amma na tambaya. Ya ce uku ne, ambulan mai ruwan ƙasa, ɗaya hakimi ya sa hannu, kuma akwai ɗigon manja a kusurwar ambulan daga ƙosan da ya saya a Jega. Ni kaina ban lura da manjan ba sai da na duba. Ya ciro kuɗi zai ba ni, na ce ya ba yaron motar da ya tsinta in ya ga dama. Tukuici in an bayar don rai ya so ba laifi, amma ba a sharɗanta shi.

Bayan an miƙa, saura aiki ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Koma duk inda ka sa cigiyar ka rubuta "An samu mai shi, a daina turawa", ka goge saƙon farko in lokacin gogewa bai wuce ba. Faɗa wa ladan da 'yan yuniyan. Sannan ka share hoton daga wayarka, har da kwandon da waya ke ajiye abin da aka goge.

In ba wanda ya zo

Nakan maimaita cigiya bayan mako guda, sannan bayan wata guda. Kati na hukuma ba na riƙe shi fiye da mako 2: katin zaɓe ofishin INEC na ƙaramar hukumar da ke jikinsa, silif ko katin ɗan ƙasa ofishin NIMC, lasin tuƙi ofishin hukumar kiyaye haɗurra, katin makaranta makarantar. Mai kati da ya fid da rai can zai je neman sabo, bayan ya yi takardar rantsuwa a kotu da rahoton 'yan sanda, to gara ya tarar da tsohon yana jiransa. Rubuta sunan ma'aikacin da ya karɓa da ranar, saboda in mai shi ya zo wurinka daga baya ka san inda za ka nuna masa.

Hoto tsura kuwa ba ofishin da zai karɓa. Wasu masu shago suna manna su a jikin gilashi ko bango, rana ta cinye su cikin wata 2, ga fuskokin matan mutane a bainar jama'a. Ni ina da tsohon littafin rasit da nake maƙala kowanne a shafinsa, da ranar da wurin tsintuwa a ƙasa, a bangon shago kuma takarda ce kawai mai cewa ana ajiye hotuna da katunan tsintuwa a nan, a tambaya. Wanda ya shekara ba a zo ba, nakan yanka shi ƙanana in ƙone, ba na jefa shi a bola da fuskarsa. A yanzu akwai 14 a littafin, mafi daɗewa na wata tsohuwa ce mai baƙin mayafi da aka tsinta a motar Kamba, saura wata 3 ya cika shekara.